Yadda Ake Gwada Ko Ƙwayar Bakteriya Tana Miƙa wa Wata Juriyar Magani: Jagora Mataki-mataki

Tambayar da ɗaliban ilimin ƙananan halittu suka fi aiko mini a bana ita ce wannan: mutum ya ware ƙwayar E. coli daga fitsarin majiyyaci ko daga kashin kaji, ya ga ba ta jin maganin sefotakzim, to ta yaya zai nuna cewa wannan juriya tana iya tsallakawa zuwa wata ƙwayar, ba a jikin wannan kaɗai take ba? Amsar ita ce gwajin haɗa ƙwayoyi biyu, wanda ake kira konjugeshan. Aikin hannunsa ba shi da wuya, kuma da kayan da ke yawancin ɗakunan gwaji na jami'o'inmu za a iya yin sa cikin mako guda. Abin da ke kayar da mutane shi ne fassara abin da suka gani a faranti, domin tsirowar ƙwaya a kan farantin zaɓe, wato wanda aka zuba wa magani don waɗanda suka karɓi juriyar kaɗai su tsiro, ba ta tabbatar da komai sai an toshe sauran hanyoyin da za ta iya tsirowa ta cikinsu. A kan haka zan fi tsayawa.

Abin da ake son kamawa shi ne tafiyar filasmid, wato ɗan zoben DNA da ke zaune a cikin ƙwaya daban da babban kundin gadonta. Ƙwayar da ke ɗauke da shi takan miƙa wani siririn zare ta kamo maƙwabciyarta ta jawo ta kusa, sannan wani sinadarin aiki ya tsaga igiya ɗaya daga cikin igiyoyi biyu na filasmid ɗin a wani wuri da ake kira oriT, igiyar ta shige cikin maƙwabciyar, kowace ta sake saƙa abokiyar igiyarta. Mai bayarwa ba ta rasa komai ba, mai karɓa kuma ta zama mai juriya, ta kuma iya miƙa wa wata. Duk matakan da ke ƙasa an tsara su ne don a ba wannan haɗuwa dama, sannan a tsamo waɗanda suka karɓa daga cikin ɗaruruwan miliyoyin da ba su karɓa ba.

1. Tantance mai bayarwa

Fara da ƙwaya tsarkakakkiya. Ka ja ta a kan farantin Makonki har ka sami koloni guda da ke zaune ita kaɗai, ka sake jan wannan ɗin a sabon faranti, sannan ka tabbatar E. coli ce da gwaje-gwajen da kuka saba yi. Idan akwai gaurayen wata ƙwaya a ciki, musamman mai jin Giram irin su Enterococcus, za ta iya tsirowa a farantin zaɓe tunda sinadarin azaid, wanda ake zubawa a farantin don ya hana mai bayarwa girma, ba ya hana ta, sefotakzim ma ba ya taɓa ta, ka ƙirga ta a matsayin nasara alhali ba ita ba ce.

Daga nan ka auna juriyarta da faifan magani a kan Mula-Hinton mai kaurin milimita 4, da ruwan ƙwaya mai duhun 0.5 na ma'aunin Makfalan, a digiri 35 na awa 16 zuwa 18. A ƙa'idar CLSI, idan faɗin da'irar da faifan sefotakzim na maikurogiram 30 ya share bai wuce milimita 27 ba, ana zargin ƙwayar tana yin sinadarin ESBL, wanda ke farfasa wannan dangin magunguna. Tabbatarwar ita ce a ajiye faifan sefotakzim shi kaɗai, a gefe kuma wanda aka haɗa da kilabulanik asid. Idan da'irar na biyun ta fi ta farkon da milimita 5 ko fiye, ESBL ne. A wannan ranar ka gwada sauran magungunan ma, wato tetarasaikilin, saftirin, jentamaisin, kuloramfenikol da sifurofuloksasin, ka rubuta faɗin kowace da'ira da milimita, ba wai "tana ji" ko "ba ta ji" kawai ba. Za ka buƙaci waɗannan alƙaluma a mataki na bakwai.

Gargaɗi: mai bayarwa ƙwayar cuta ce ta gaske. Aikin na ɗakin gwaji ne mai matakin tsaro na biyu, da riga da safar hannu, kuma da sanin malamin da ke duba ka da amincewar kwamitin da abin ya shafa. Ba a jan ruwa da baki a fifet, ko da an ga wani tsohon ma'aikaci yana yi.

2. Samun mai karɓa

Mai karɓar da aka fi amfani da ita ita ce E. coli J53 mai jure sodiyam azaid. Ƙwayar ɗakin gwaji ce daga zuriyar K-12, ba ta da filasmid ɗin F nata na kanta, tana jin magungunan da za ka gwada, juriyarta ga azaid kuma a cikin babban kundin gadonta take, a ƙwayar gado ta secA, don haka ba ta tafiya zuwa mai bayarwa. Tana da wata siffa da mutane kan manta da amfaninta: ba ta iya ƙera mesiyonin da furolin da kanta, sai an ba ta a abinci.

Samun J53 shi ne abin da ya fi cin lokaci a dukan aikin, don haka ka nema tun kafin ka rubuta tsarin bincikenka, ta hannun malaminka, daga wani ɗakin gwaji da ke da ita ko daga ma'ajiyar ƙwayoyi. Da ta iso, ka adana kwalabe da yawa a cikin gilisarin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a firiza mafi sanyi da kuke da ita, ɗaya kuma ka kai wani ginin da wutarsa ba ɗaya ba ce da taku. Wasu sukan yi amfani da mai karɓa mai jure rifamfisin. Yana aiki, amma juriyar rifamfisin takan ɓullo wa ƙwaya haka kawai ta canji guda a ƙwayar gado ta rpoB, saboda haka mai bayarwa kan fi yawan ɓoyewa cikin sakamakon.

Gargaɗi: kada ka sa wata ƙwayar cuta ta asibiti a matsayin mai karɓa don kawai ba ka sami J53 ba. Yin haka ƙera sabuwar cuta mai juriya ne da hannunka.

3. Haɗa faranti iri uku

Abincin da ya wadatar shi ne LB: a lita ɗaya ta ruwa, giram 10 na tiriftan, giram 5 na ruwan yis busasshe, giram 10 na gishiri, idan na faranti ne a ƙara giram 15 na aga. A dafa a otokilef a digiri 121 na minti 15. Faranti iri uku za ka zuba. Na farko yana da sefotakzim maikurogiram 2 a kowace mililita, mai bayarwa ce ke tsirowa a kansa. Na biyu yana da azaid maikurogiram 100 a mililita, na mai karɓa ne. Na uku yana da su duka biyun, kuma babu wadda ya kamata ta rayu a kansa sai J53 da ta karɓi filasmid. Ka rubuta D a na farko, R a na biyu, T a na uku, a gindin farantan, ba a murfi ba, domin murfi yana musanyuwa.

Lissafin magani shi ne inda na fi ganin kuskure. Idan kwalbar allura ta giram 1 kake da ita, narkar da ita a mililita 10 na ruwa mai tsabta, ka sami miligiram 100 a mililita. Ɗebi kaso ɗaya ka ƙara kaso 49 na ruwa, ya koma miligiram 2 a mililita. Daga wannan, maikurolita 250 a cikin mililita 250 na aga shi ke ba da maikurogiram 2 a mililita. Azaid kuma, giram 1 a mililita 10 ya ba da miligiram 100 a mililita, maikurolita 250 a cikin mililita 250 ya ba da maikurogiram 100. Duka biyun a tace su da matacin maikuromita 0.22. Ba a sa sefotakzim a otokilef, kuma ba a zuba shi sai agar ta huce zuwa wajen digiri 50, wato lokacin da za ka iya riƙe kwalbar a tafin hannu ba tare da ka saki ba, amma ba ta fara daskarewa ba.

Mililita 250 yana ba da faranti wajen 12. Don gwada mai bayarwa ɗaya sau uku, kana buƙatar wajen dozin guda na D, dozin guda na R da dozin biyu na T. A wajen kuɗi, aga da farantan roba da matatai su ne na yau da kullum, faifan magani su ne masu tsada a tsakiya, PCR kuma shi ne babban kashe kuɗi, don haka a bar shi sai ƙarshe, a kan koloni kaɗan da suka tsallake sauran gwaje-gwajen. Garin sefotakzim na bincike ya fi na allura aminci; idan na allurar za ka saya, ka saya a inda ka yarda da ajiyarsa, ka rubuta lambar zubinsa, domin maganin da ya sha zafi a kan kanta ko na jabu zai bar J53 ta tsiro ba tare da ta karɓi komai ba. Farantin da ke da sefotakzim a ajiye shi a firij, a yi amfani da shi cikin mako guda.

Gargaɗi: sodiyam azaid guba ce mai kisa. A auna garinta da safar hannu da takunkumi, kada ta haɗu da asid domin tana fitar da iska mai guba, kuma kada a zuba ta a magudanar ruwa, saboda tana haɗuwa da darma ko tagullar bututu ta zama abu mai fashewa.

4. Gwada farantan kafin a haɗa ƙwayoyin

Wannan matakin na kwana ɗaya ne, kuma shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa su dawo suna kuka. Ka raya kowace ƙwaya ita kaɗai a romon LB ta kwana, washegari ka shafa maikurolita 100 na kowace, ba tare da tsarmawa ba, a kan D da R da T. Abin da ya kamata ka gani: mai bayarwa ta cika D, ba ta fito a R da T ba, J53 ta cika R, ba ta fito a D da T ba.

Sau da yawa mai bayarwa takan yi wani siririn hazo a kan azaid 100, ko ta fitar da ƙananan koloni. Idan haka ta faru, ɗaga azaid zuwa 150 ko 200, ka sake dubawa cewa J53 tana girma lafiya a wannan ƙarfin. Idan kuma J53 ce ta tsiro a kan sefotakzim, ko maganin ya mutu ne ko ƙwayar ta gurɓata, kuma babu amfanin ci gaba sai an gano wanne ne.

5. Haɗa su

Daga romon da ya kwana, ɗebi maikurolita 50 na kowace ƙwaya ka zuba a mililita 5 na sabon LB, kowace a kwalbarta, ka bar su a digiri 37 ana girgizawa na awa biyu zuwa uku, har ruwan ya yi ɗan duhu. Idan kuna da na'urar auna duhu, OD600 tsakanin 0.4 da 0.6 ake nema. Dalili shi ne ƙwayar da ke tsakiyar girma ita ke fitar da zaren kamu sosai, wadda ta kwana ta ƙoshi kuwa ta yi sanyi. Idan ka raya mai bayarwa cikin magani don kada ta zubar da filasmid ɗinta, dole ka juya ta a santirifuj, ka zubar da ruwan, ka wanke ta sau biyu da LB marar magani, in ba haka ba ragowar sefotakzim zai kashe J53 kafin a fara.

Hanya biyu ce, kuma shawarata a yi duka biyun tare. Ta farko a cikin romo: mililita 1 na mai bayarwa da mililita 1 na mai karɓa a kwalba ɗaya, a ajiye a inkubeta ba tare da girgizawa ba. Girgiza tana raba ƙwayoyin da suka riga suka kama juna. Ta biyu a kan mataci: a haɗa su kamar haka, a juya a santirifuj, a narkar da abin da ya kwanta a maikurolita 100 na LB, a ɗiga a kan takardar mataci ta 0.22 ko 0.45 da aka shimfiɗa a kan farantin LB marar magani, a bari ɗigon ya tsotse kafin a ɗaga farantin. Amfanin yin biyun shi ne filasmid ba iri ɗaya ba ne. Dangin IncF, wanda ya fi yawan ɗaukar blaCTX-M-15, ɗaya daga ƙwayoyin gadon ESBL, a cikin E. coli, yana da zare mai lanƙwasuwa da ke aiki ko a cikin ruwa. Dangin IncN da IncP da IncW zarensu gajere ne mai tauri, sun fi tafiya nesa ba kusa ba idan ƙwayoyin suna kwance a kan abu mai ƙarfi. Wanda ya yi romo kaɗai zai iya rubuta cewa babu tafiya alhali akwai.

Zafi ma yana da nasa hukuncin. Filasmid na dangin IncHI yana tafiya sosai a ƙasa da digiri 30, a 37 kuma kusan ya tsaya. Don haka a ajiye kwafi ɗaya a 37, ɗaya a wajen 25 zuwa 28. A nan kada a dogara da abin da littattafai ke kira zafin ɗaki, domin ɗakin gwaji a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu yakan kusanci 40 da rana, a lokacin hunturu kuma ya faɗi ƙasa da 20 da asuba. A sa ma'aunin zafi kusa da kwalbar, a rubuta abin da ya nuna. Na taɓa rasa aikin mako guda saboda wuta ta ɗauke tsakar dare, janareto bai tashi ba sai da safe, kuma babu wanda ya san awa nawa inkubetar ta yi a kashe. Tun daga ranar nake fara haɗin da sassafe don ya ƙare ina wurin.

Idan amsar eh ko a'a kawai kake nema, bar su su kwana, awa 16 zuwa 18. Idan adadin tafiya kake son aunawa, awa 4 ya fi, domin idan lokaci ya yi tsawo waɗanda suka karɓa za su hayayyafa, su kuma miƙa wa wasu, sai lissafin ya kumbura. Tare da haɗin, a ajiye kwalba biyu na shaida: mai bayarwa ita kaɗai, J53 ita kaɗai, a wuri ɗaya, na lokaci ɗaya.

6. Tsarmawa, shafawa da ƙirga

Idan lokaci ya cika, ɗauko matacin da hantsaki mai tsabta ka saka a kwalba mai mililita 1 na ruwan gishiri na kashi 0.85 cikin ɗari, ka girgiza da ƙarfi. Yanzu girgizar ake so, don ta raba su, tafiyar ta tsaya. Jera kwalabe bakwai, kowace da maikurolita 900 na ruwan gishirin. Ɗebi 100 daga haɗin ka zuba a ta farko, ka gauraya, ka canza bakin fifet, ka ɗebi 100 daga ta farko zuwa ta biyu, haka har ta bakwai. Rashin canza baki yana jan ƙwayoyi zuwa gaba, ya sa kwalaben ƙarshe su fi ƙarfin da ka rubuta.

A kan D da R shafa maikurolita 100 daga kwalba ta biyar da ta shida da ta bakwai. A kan T shafa daga asalin haɗin da ta farko da ta biyu, idan kana da faranti har da ta uku. Kwalaben shaida biyu kuma a shafa su a kan T ba tare da tsarmawa ba. A bar su a 37 na awa 18 zuwa 24. Azaid yana rage saurin girma, don haka idan kolonin sun yi ƙanana a ƙara musu 'yan awoyi, amma kada a kai kwana biyu, saboda maganin yana raunana. Farantin da ke da koloni 30 zuwa 300 kaɗai ake ƙirgawa.

```
CFU/ml = colonies x 10 x dilution factor
frequency = T / R
```

Ga misali da alƙaluman da na tsara don koyarwa. A farantin R na kwalba ta shida an ƙirga koloni 120, wato 120 sau 10 sau miliyan ɗaya, biliyan 1.2 a mililita. A farantin D na kwalba ta shida an sami 84, wato miliyan 840. A farantin T na kwalba ta biyu an sami 60, wato 60 sau 10 sau 100, dubu 60 ke nan. Idan aka raba dubu 60 da biliyan 1.2, an sami ɗaya cikin dubu 20, wanda ake rubutawa 5 × 10⁻⁵ ga kowace mai karɓa. Idan da mai bayarwa aka raba, zai zama wajen 7 × 10⁻⁵. Duka biyun ana amfani da su, amma dole a faɗi wanne aka ɗauka, tare da tsawon lokaci da zafi da hanyar haɗin, in ba haka ba adadin ba ya kwatantuwa da na kowa.

Akwai tarko a farantin T da aka shafa wa haɗin da ba a tsarma ba. Miliyoyin masu bayarwa da ke kwance a kai, ko da azaid ya hana su girma, suna ɗauke da sinadarin da ke farfasa sefotakzim, sai su cinye maganin da ke kewaye da su, J53 da ba ta karɓi komai ba ta sami wurin tsirowa. Alamarsa ita ce shimfiɗaɗɗen hazo a duk faɗin farantin, ko ƙananan koloni da suka kewaye wata babba kamar 'yan tsaki da uwarsu. Waɗannan ƙananan ba a ƙirga su. Wata alamar ita ce lissafin tsarmawa: idan kwalba ta biyu ta ba da 60, ta farko ya kamata ta ba da wajen 600, ta uku wajen 6. Idan adadin bai bi wannan tsani ba, akwai abin da ke faruwa a kan farantin da ba tafiyar filasmid ta awa huɗun nan ba ce.

7. Tabbatar da cewa waɗanda suka tsiro J53 ce da ta karɓa

Duba farantan shaida tukuna. Idan mai bayarwa ita kaɗai ta fitar da koloni a kan T, to wasu daga cikin 60 ɗin nan masu bayarwa ne da suka sami juriyar azaid ta canjin gado, kuma ba za ka bambance su da ido ba, domin duka E. coli ne, a kan Makonki ma duka ruwan hoda suke yi.

Zaɓi manyan koloni biyar zuwa goma daga T, ka ja kowace a sabon farantin T har sau biyu. Waɗanda suka ci arzikin maƙwabta za su mutu a nan. Sannan ka yi amfani da waccan siffar ta J53: ja kowace a kan abincin M9 mai gulukos kaɗai, da kuma M9 da aka ƙara wa mesiyonin da furolin. J53 ta gaske ba za ta tsiro a na farkon ba sai a na biyun, mai bayarwa daga fitsari ko kashin kaji kuwa yawanci za ta tsiro a duka biyun. Gwaji ne mai araha, kuma ya fi gardama da baki a gaban masu jarrabawa.

Daga nan ka maimaita gwajin faifan magani na mataki na ɗaya a kan ƙwayoyi uku a rana ɗaya: mai bayarwa, J53 ta asali, da wadda ta karɓa. A nan ne za ka ga yadda juriya ke yaɗuwa da idonka. Sefotakzim kaɗai ka sa a faranti, amma sau da yawa za ka tarar wadda ta karɓa ta daina jin tetarasaikilin da saftirin, wani lokaci har da jentamaisin, domin ƙwayoyin gadon duka a kan filasmid ɗaya suke, wasunsu a jere cikin wani tsari da ake kira intagiron, wanda kan ɗauki sul1 da dfrA, masu ba da juriyar saftirin. Ma'anarsa a waje da ɗakin gwaji ita ce, tetarasaikilin da ake zuba wa kaji a ruwan sha, ko kafso ja da rawaya da ake saya a kemis ba da takardar likita ba, ya isa ya riƙe filasmid ɗin da ke lalata allurar seftiriyakzon ta asibiti, 'yar'uwar sefotakzim, ko da kajin ba su taɓa ganin allurar ba.

Sifurofuloksasin kuwa yakan bambanta. Mai bayarwa tana iya zama ba ta jin sa sam, amma wadda ta karɓa ta ci gaba da ji, saboda babbar juriyarsa daga canji ne a gyrA da parC na babban kundin gado, waɗanda ba sa bin filasmid. Wannan bambanci shi kansa shaida ne cewa ba mai bayarwa ce ka sake kamawa ba. Idan ka ga da'irar sifuro ta ragu da 'yan milimita kawai idan aka kwatanta da J53 ta asali, ka yi zargin ƙwayoyin gado na qnr ko aac(6')-Ib-cr, masu ɗan rage ƙarfin sifuro, sun biyo filasmid ɗin. Wannan ne dalilin da na ce a rubuta milimita. Bayan haka sai PCR na blaCTX-M a kan ƙwayoyin uku: ya fito a mai bayarwa da wadda ta karɓa, kada ya fito a J53 ta asali.

8. Kawar da sauran hanyoyi biyu

Ƙwayar gado tana iya tsallakawa ta hanyar tsintar DNA da ya zube daga matacciyar ƙwaya, ko ta hanyar bairos na bakteriya da ke ɗaukar guntun DNA daga wannan zuwa waccan. Don ka ce konjugeshan ne, gwaji biyu ƙanana sun isa. Na farko, tace romon mai bayarwa da matacin 0.22, wanda ke tare ƙwayoyin amma ya bar DNA da bairos su wuce, ka haɗa ruwan da J53, ka bi matakan nan duka. Idan ba a sami koloni a T ba, tafiyar tana buƙatar ƙwaya ta taɓa ƙwaya. Na biyu, ƙara DNase I a cikin haɗin. Yana narkar da DNA da ke yawo a ruwa, amma ba ya kai wa ga wanda ke wucewa daga ƙwaya zuwa ƙwaya kai tsaye, don haka adadin T bai kamata ya faɗi ba.

9. Idan babu abin da ya tsiro

Farantin T da ya fito fes ba ya nufin juriyar tana cikin babban kundin gado. Duba farantin R tukuna: idan J53 ta ragu ƙwarai a cikin haɗin alhali a kwalbar shaida tana lafiya, mai bayarwa tana fitar da kolisin, gubar da E. coli ke kashe 'yan'uwanta da ita, ko tana ɗauke da bairos. Rage lokacin haɗin, ka ƙara yawan J53 zuwa kaso goma a kan ɗaya. Idan R lafiya yake, gwada mataci da ƙaramin zafi idan ba ka yi ba, ka kuma rage sefotakzim zuwa maikurogiram 1, domin wata ƙwayar gadon ba ta yin ƙarfi a sabon gida kamar yadda take yi a tsohon. Yana yiwuwa kuma filasmid ɗin yana nan amma ba shi da kayan tafiya na kansa, sai wani ya ja shi. Haka nan blaCTX-M-15 yakan koma babban kundin gado da taimakon guntun DNA mai tsalle da ake kira ISEcp1, abin da aka sha gani a zuriyar E. coli ta ST131, kuma wannan sai karanta jerin DNA zai nuna shi. Abin da za ka rubuta a rahoto shi ne ba a ga tafiya ba a wannan zafi, da wannan hanya, cikin wannan lokaci, tare da iyakar abin da gwajin ke iya gani: idan ka shafa maikurolita 100 na haɗin da ba a tsarma ba, koloni ɗaya yana daidai da ƙwaya 10 a mililita, abin da ya gaza haka ba za ka gan shi ba.

10. Zubar da kayan aiki

Duk faranti da kwalba da bakin fifet da mataci da suka taɓa ƙwaya su shiga otokilef a digiri 121, kuma jakar da ta cika da aga tana buƙatar aƙalla minti 30 kafin zafi ya ratsa tsakiyarta. A liƙa tef mai canza launi a kan kowace jaka. A goge teburi da bilic, a bar shi ya jima kafin a share, a bi da barasa ta kashi 70. Ragowar ruwan azaid mai ƙarfi ba ya shiga otokilef kuma ba a haɗa shi da bilic ko asid. A rufe shi a kwalbar roba mai lakabi, a miƙa wa mai kula da sharar sinadarai. Idan wuta ta ɗauke kafin a dafa shara, a ɗaure jakunkunan a kulle su a cikin ɗakin gwaji har wutar ta dawo, kada a bar wa mai shara ya kai su bola, inda ruwan sama zai wanke su zuwa kwata, awaki da kaji kuma su yi kiwo a kai. Waɗanda suka karɓa da kake son ajiyewa don PCR, a sa su a gilisarin, a rubuta sunan mai bayarwa da kwanan wata da magungunan da suke jurewa a jikin kwalbar, a kuma shigar da su littafin ajiyar ɗakin gwajin.